Fanka mai ruwa a shagon kafinta: za ta yi ko asarar kuɗi ce?

Tambaya: "Ni kafinta ne a Sakkwato. Shagona tsawon mita 10, faɗin 6, tsayi 4, rufin kwano. Ƙarfina bai kai na iyakwandishan ba. Fanka mai ruwa za ta yi min? Wace iri zan saya?"

Amsa: Malam, za ta yi maka a bazara, amma da damina ka ɗauke ta a matsayin fanka kawai. Aikinta irin na randa ne: busasshiyar iska ta ratsa jiƙaƙƙen soso, ta sha ruwa, ta fito da sanyi. Iskar da ta riga ta ƙoshi da laima ba abin da za ta ƙara sha.

Kafin ka cire ko kwabo, gwada. Naɗe bakin ma'aunin zafi da jiƙaƙƙen tsumma, ka riƙe shi gaban fanka har lambar ta tsaya. A Afrilu, idan zafi digiri 40 ne, laima kashi 20 cikin ɗari, zai sauka zuwa kusan 22. Tazarar 18 ke nan, kuma na'ura mai kaurin soso tana cin kamar kashi 80 na wannan tazara, wato iska ta fito a 26. A Agusta kuwa, zafi 30, laima kashi 80, ma'aunin a 27 zai tsaya: tazarar digiri uku, na'urar ta rage kamar biyu kacal, ga jiki na danƙo. Laima na haura kashi 60, kashe famfon ruwan. Kai kuma kana da dalili na biyu na kashe shi, don katako zai kumbura, zarto da kurfi su yi tsatsa.

Batun girma, ninka 10 da 6 da 4, cikin shagonka ya ci iska mita kubik 240. Wurin aiki mai rufin kwano yana so a sauya iskarsa kamar sau 30 a awa, wato 7,200. Nemi wadda aka rubuta wa 8,000 m³/h, wato mita kubik 8,000 a awa, ko sama, domin ƙurar katako za ta toshe soson, ƙarfin ya ragu. 'Yar ƙaramar nan ta ɗakin kwana, wanda ya tsaya gabanta kaɗai take wa amfani.

Inda mutane ke yin kuskure shi ne su ajiye ta tsakiyar shago su rufe ƙofa. Cikin ɗan lokaci iskar ta cika da laima, sanyi ya tsaya. Kafa ta a jikin taga, bayanta na jan iskar waje, nesa da injin yanka, ka bar taga mai tsayi da faɗin kusan mita ɗaya a buɗe a ɗaya bangon.

Sai ruwa. A tsananin zafi mai wannan girma tana shan kusan lita 50 a awa, durom biyu ke nan a wunin aiki, don haka ka saka kuɗin mai garuwa a lissafi. Idan na burtsatse ne mai kanwa, farin gishiri zai daskare a soson. Ka riƙa zubar da ragowar ruwan tankin maimakon ƙara sabo a kai.