Tambayi lokotoro: maganin wankin ciki

"Lokotoro ina wuni. Babana shekarunshi 68, kwana ukku bai zagaya ba, sai na dafa mishi filasko da jar kanwa ya sha kofi guda bayan la'asar, shiru, da dare na ƙara mishi biyu. Tun asuba zawo yake, in ya miƙe jiri na ɗibarshi. Yana shan Lasilix na tansiyo." Ɗan kabu-kabu, Tawa

Ɗan'uwa ka kai tsoho likita yau ɗin nan, kada ka jira gobe, ka tahi da kwalin maganinshi, kuma kada ya ƙara haɗiyar Lasilix ɗin sai an duba shi.

Filasko ba ya aiki nan take. Sai ya gangara har babban hanji, ƙananan ƙwayoyin halitta da ke zaune can su narka shi tukuna, abin na ɗaukar awa 6 zuwa 12. Ke nan lokacin da ka ga shiru kofin farko na bisa hanya, sai ukkun sunka haɗu sunka taso tare. Aikin babban hanji shi ne tsotse ruwa ya maida ma jini, to filasko hana shi yake, ya kuma matse hanjin ya turo komi waje. Ruwan da kake gani mutane na murna wai datti ne ke hita, wallahi ruwan jikin mutum ne, kuma yana hita da gishirin jini, musamman wanda ake ce ma potasiyom, da shi jijiyoyi da zuciya ke aiki. In ya yi ƙasa ƙafafu su mace, zuciya ta riƙa bugu ba daidai ba. Shi kuwa Lasilix dama ta fitsari yake zubda ruwa da potasiyom ɗin, ga zahin Tawa da ke wuce 40 lokacin bazara, ga tsufa, ƙoda ba ta jure wannan. Kanwar ma ba ta dace da mai tansiyo ba.

Kahin ku isa, jiƙa leda guda ta SRO, garin gishiri da sukari da ake ba mai zawo, cikin ruwa mai tsabta litar guda, ba rabi ba. In babu, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari shafaffe da rabin ƙaramin cokalin na gishiri cikin litar guda. Kurɓi kaɗan-kaɗan, ba ɗauke kofi gaba ɗaya ba. Ka lura da fitsarinshi: in tun sahe bai yi ba, ko ido ya faɗa, ko ka tsunkuli fatar cikinshi ta tsaya ba ta koma ba, ko yana magana ba kan gado, wannan sai ƙarin ruwa ta jijiya. Gaya musu abin da ya sha da yawanshi, ba mai yi maka faɗa.

"Ina da ciki wata bakwai, tun da anka ba ni maganin ƙarin jini bayan gida ya yi tauri. Kakata ta ce in sha man zurma." Wata baiwar Allah, Yamai

A'a malama, ki ba kaka haƙuri. Man zurma ba hanji kaɗai yake murɗawa ba, yana iya tada mahaihwa, naƙuda ta zo a wata bakwai. Taurin daga ƙwayar ƙarin jinin ne, sananne ne, amma kada ki bar shanta. Ruwa da yawa, miyar kuka ko kuɓewa, gwanda, mangwaro, ɗan tattaki da marece. In bai saki ba ki faɗi a wurin awo, akwai siro mai suna lactulose da ake ba masu ciki, shi tausasawa yake a hankali.

"Yarona mai shekara 4 cikinshi ya kumbura, yana amai yana kuka, jiya da yau ko tusa bai yi ba. Maƙwabciya ta ce dattin ciki ne a daka mishi ƴaƴan bini da zugu." Wata uwa, Tawa

Subhanallahi, kada ki kuskura. Ƴaƴan bini da zugu guba ne, ƴan kaɗan sun isa su sa yaro amai da zawo har ya galabaita, kuma yaro ruwan jikinshi ba shi da yawa, da wuri yake ƙarewa. Amma ni abin da ya hi tada mini hankali shi ne kumburi da amai ga kuma iska ba ta hita, alama ce ta hanji ya toshe ko ya murɗe. Maganin wankin ciki a irin wanga hali tura hanji yake bisa ƙofa rufaffa, yana iya hudewa. Haka duk mai ciwon ciki mai tsanani da zazzaɓi, ko mai ƙaba da ta kumbura ta ƙi komawa, babba ne ko yaro. Kada ki ba shi abinci, ko hura, don ƙila aiki za a yi mishi. Ki goya shi zuwa babbar asibiti yanzu, ko cikin dare ne.