Bangon ɗakin kwana yana jiƙewa, funfuna ta ƙi tafiya

Tambaya: Duk damina bangon ɗakinmu yakan jiƙe ya yi funfuna, yarona yana tarin dare. Mai gidan da muke haya sai ya sake fenti kawai. Me zan rubuta masa ya yi gyara na dindindin?

Amsa: Malama, fara duba inda lemar ta tsaya. Idan daga ƙasa ta hauro har wajen mita 1, da farin gishiri-gishiri a filasta, ruwan ƙasa ne bulo yake tsotsa. Idan daga sama take gangarowa, to kwano ne ke yoyo ko indararo ya toshe.

Ki rubuta wane bango ne, tsawon tabon, da watan da ya fara, ki haɗa da hotuna. Ki kai yaron asibiti, domin funfuna tana tayar da asma, ki sa takardar likita a ciki.

Sai ki faɗi aikin da kike nema. Idan ta ƙasa ce, a fasa filastar har santimita 30 sama da iyakar lemar, a bar bulon ya sha iska makonni, a sake yaɓe da siminti mai maganin hana ruwa. A waje kuma a yi dakali mai gangara, a rage ƙasar da ta taru a gindin bangon. Fenti a kan jiƙaƙƙen bango asarar kuɗi ce, kumbura zai yi ya ɓare.

Kafin nan ki janye gado daga bangon, yaron ya koma wani ɗakin.