Yadda ake gane salon rubutun fosta daga siffar haruffa

Tambaya: Ina da shagon buga takardu a Gusau. An kawo mini fostar musabaƙa a hoto, ana so in mayar da ASABAR ta koma LAHADI. Wanda ya tsara ta ba a samunsa, ni kuma duk salon rubutun da na gwada sai gyaran ya fito fili. Malam, yaya zan yi?

Amsa: Kada ka bi jerin sunayen nan na CorelDRAW kana gwadawa ɗaya bayan ɗaya, yini za ka ɓata. Ka zuƙo hoton sosai, ka fara duba ko haruffan suna da 'yan ƙafafu a ƙarshensu kamar na Times New Roman, ko kuwa sumul suke. Daga nan ka nemi haruffan da ke tona asiri. H da L da I kusan iri ɗaya suke a ko'ina, amma R da G da ƙaramin t ba sa ɓuya.

Kai ka yi sa'a, akwai R a ƙarshen ASABAR. In haruffan sumul suke, kuma ƙafarta ta dama ta sauko a karkace, mai yiwuwa Arial ce. In ta sauko kusan a tsaye, mai yiwuwa Helvetica ce. G ta Helvetica tana da ɗan ƙaya a ƙasa ta dama, ta Arial babu. Kan t na Arial a yanke yake a karkace, na Helvetica a kwance. In kana da intanet, ka yanko kalma ɗaya mai tsabta ka ɗora a shafin WhatTheFont mai gano salon rubutu, amma ka zaɓi wadda babu Ƙ ko Ɗ a ciki, don lanƙwasar kan rikita shi.

Abin da na fi zargi a fostarka kuwa, ja aka yi wa rubutun. Masu tsara fostocinmu sukan kama gefe su matse kalma don ta shiga fili, sai salon da ka sani ya sauya kama. Yadda za ka gane: dubi H ko L. A Arial ta asali, sandar tsaye ta ɗan fi ta kwance kauri. In ka ga ta kwance ta fi, an matse ta.

To, ka fara buga tsohuwar kalmar, ASABAR, ka ɗora ta a kan ta hoton, ka rage mata duhu zuwa kashi 50. Daidaita tsayin da ido, kada ka dogara da lambar girma, sannan ka ja faɗin har A ta hau kan A, R ta hau kan R. Sai sun haɗu tsaf za ka goge ka rubuta LAHADI a cikin wannan rubutun, ba tare da ka sake taɓa faɗinsa ba. Launin kuma ka ɗauko shi da Eyedropper daga tsakiyar harafi, domin a bakinsa ya gauraya da na bango.