IRR biyu a aiki ɗaya

"Ramin tsakuwa kusa da Garwa: zan zuba sefa miliyan 100, baɗi in samu 230, shekara ta biyu in kashe 132 wajen cike ramin. Excel ya ba ni IRR 10%, na canza guess, wato lambar da yake fara lalube da ita, ya ce 20%. Wanne ne daidai?"

Malam, duka biyun daidai ne. IRR shi ne kuɗin ruwan da ke mayar da NPV sifiri, NPV kuwa ita ce darajar duk kuɗin da ya shiga da wanda ya fita idan an auna su da kuɗin yau. Sa x = 1 + r, inda r shi ne ruwan, lissafinka ya zama −100x² + 230x − 132 = 0, wanda 1.1 da 1.2 duk suke warware shi. Kuɗin ya fita, ya shigo, ya sake fita, wato alama ta juya sau biyu, kuma ƙa'idar Descartes ta ce amsoshi na iya kai yawan juyawar. Idan ruwa ya yi ƙasa da 10%, nauyin 132 ɗin ke cinye riba. Idan ya haura 20%, darajar 230 ɗin ke zubewa. Tsakaninsu kaɗai NPV ke sama da sifiri: a 15%, miliyan 0.19 kacal. Ajiye IRR, ka lissafa NPV da ainihin ruwan da bankinka ke karɓa.