Guguwar teku da Tafkin Chadi

"'Yan uwa, na ga hotunan ɓarnar da guguwar Idai ta yi a Mozambik. Mu da ke Kusri kusa da Tafkin Chadi, irinta za ta iya tasowa daga tafkin ta afka mana?"

A'a ɗan uwa, ba za ta taso ba. Irin wannan guguwa tururin teku mai ɗumi take ci. Sai zafin ruwan ya kai wajen digiri 26 zuwa 27, kuma ɗumin ya nutsa kamar mita 50 ƙasa, domin guguwar tana dama ruwan, in na ƙasa mai sanyi ne ya taso sai ta mutu. Tafkinmu kuwa, duk wanda ya shiga kwalekwale ya san wurare da yawa da gora ake tuƙi saboda rashin zurfi. Sannan guguwar tana bukatar iskar sama da ta ƙasa su yi kusan daidai a gudu da alkibla. In suka saɓa sosai, sai kan hadarin ya karkace daga gindinsa, zafin da ke tsakiya ya watse kafin guguwar ta yi ido, wato wurin nan da iska ke lafawa a tsakiyarta.

Ko wadda ta ƙosa, da ta hau tudu an yanke mata abinci. Idai ta faɗa wa birnin Beira na Mozambik a Maris 2019 da ƙarfi sosai, amma kafin ta isa Zimbabuwe iskar ta lafa, ruwan da ta ɗauko ne ya yi ambaliya da zaftarewar ƙasa. Iskar da ke yaye mana kwano farkon damina ta hadari ce kawai. Na sha ganinta, ba ta cika wuce awa guda ba, ita kuwa waccan kwanaki take yi a teku.