Sun ce takarduna ba su iso ba, alhali na tura

Tambaya daga wani ɗan'uwa a Mabera: Salam malam. Na nemi aiki a wata ƙungiya sunka ce a turo takardu ta imel, na ɗauki hotunan takarduna guda 7 da waya na tura ta Gmail, ban rubuta komai ba cikin saƙon don na ga takardun sun isa bayani. Bayan sati biyu na bi sawu sunka ce ba su ga takarduna ba, kuma ga shi nan cikin Sent. Mi ya faru, kuma in zan sake turawa yaya zan yi?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai koma cikin Sent ɗin ka buɗe saƙon ka duba ƙasanshi da kyau. Hotunan ne ka gani jere kowane da sunanshi da nauyinshi, ko kuwa alamar Google Drive ta, wagga mai kusurwa uku? Ina da ƙarfin zaton ta biyun za ka gani, ga dalili. Gmail ba shi ɗaukar abin da ya wuce 25 MB a saƙo ɗaya, kuma wayoyin yanzu hoto ɗaya na iya kai 4 ko 5 MB, to mu ce kowane 4.5 ne, sau 7 ya zama 31.5 MB ke nan, ka tsallake iyaka. In haka ta faru Gmail sai ya ɗora su a Drive ɗinka ya saka linki a madadinsu, kai kuma ka ga saƙo ya tafi ka ɗauka shi ke nan. Wanda ya buɗe can ofis in ba ka ba shi izini ba abin da zai gani kawai shi ne You need access, kuma mutumin da ke da saƙon masu neman aiki tuli a gabanshi ba zai tsaya roƙonka izini ba, na gaba zai buɗe. Ka duba akwatinka ma ko akwai saƙon neman izini da ya shigo ba ka lura ba.

In kuma hotunan ne da kansu ka gani, to nemi saƙo daga Mail Delivery Subsystem, har cikin Spam. Akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba, fayil in an liƙa shi a imel yana ƙara nauyi kamar kashi ɗaya cikin uku a hanya saboda yadda ake juya shi ya koma rubutu kafin a tura, wato 21 MB na iya isa can a matsayin 28 MB, kuma ofisoshi da dama nasu iyakar ta fi ta Gmail ƙanƙanta, wasu 10 MB ne kawai. Sai a maido maka da saƙon da bayanin cewa ya yi girma, yawanci da lamba 552, amma kwafinshi na nan zaune cikin Sent kamar ba abin da ya faru. Sent shaida ce cewa ya bar hannunka, ba shaida ba ce cewa ya shiga nasu.

Gyaran farko, daina tura hoton takarda kai tsaye. Buɗe manhajar Google Drive a wayarka ka taɓa alamar kyamara ko alamar + sannan Scan, ka shimfiɗa takardar wurin haske ka ɗauka, zai yanke gefe ya mayar da ita PDF, kuma takarda mai shafi biyu ko uku za ta zauna cikin fayil ɗaya. Galibi shafi ɗaya ba ya kai 1 MB. Ni shawarata duka saƙon kar ya wuce 5 MB, in kuma tallar aikin ta faɗi iyaka ko ta ce a haɗe komai cikin PDF ɗaya to wannan ita ce doka, bi ta yadda take. Ka buɗe kowane ka tabbata rubutun na karantuwa kafin ka liƙa.

Sai suna, kuma nan ne nike son ka tsaya da kyau. Hoton waya sunanshi irin IMG_20240312_101522.jpg ne, wanda ya biyo ta WhatsApp kuma IMG-20240312-WA0007.jpg. Ka ɗauka ma'aikaciyar ta sauke takardun mutum hamsin cikin jaka ɗaya a kwamfuta, duk sunansu IMG, ta ina za ta san wanne ne satifiket ɗinka? Mu ce sunanka Aliyu Umar, sai ka taɓa ɗigo ukun da ke gefen fayil ɗin ka zaɓi Rename:

```
Aliyu_Umar_CV.pdf
Aliyu_Umar_Digiri.pdf
Aliyu_Umar_NYSC.pdf
```

Sunanka gaba, abin da takardar take baya, kuma kar ka goge .pdf ɗin ƙarshe. Kar ka saka haruffa masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ a sunan fayil don wasu tsofaffin kwamfutoci na birkita su.

Yanzu saƙon da ka bari wayam, wanga shi ya fi ci mini rai don da ka rubuta layi uku da tun ranar an gane akwai matsala. In ka ba direba kaya a tasha zuwa Illela ai kana kiran mai karɓa ka ce buhu biyu ne da kwali ɗaya, don in ya ga buhu ɗaya ya san da saura. Haka imel yake. Saƙo babu take babu rubutu sai liƙe-liƙe kuma ya fi saurin faɗawa Spam, wani ma'aikacin ma tsoron buɗe shi zai yi. A wurin Subject saka muƙamin da kake nema da sunanka, a ciki kuma wani abu kamar haka, in da Turanci za ka rubuta tsarin ɗaya ne:

"Assalamu alaikum. Ina neman muƙamin da kunka tallata na jami'in kula da bayanai. Na liƙa fayil uku a wanga saƙo, duk PDF, jimillarsu kamar 2 MB: Aliyu_Umar_CV.pdf, Aliyu_Umar_Digiri.pdf, Aliyu_Umar_NYSC.pdf. Don Allah a sanar da ni in sun iso kuma sun buɗe. Ga lambar wayata in akwai wanda ya ƙi buɗewa. Na gode."

Lura na ce "sun iso kuma sun buɗe", don mutum na iya ce maka an gani alhali saƙon kawai ya gani bai taɓa fayil ko ɗaya ba. Kuma dole ka nema da bakinka, Gmail na kyauta ba shi da alamar an karanta irin shuɗin layi biyu na WhatsApp, sai asusun ma'aikata ko na makaranta ke da wannan. Sau ɗaya ya isa, cikin ladabi, kar ka cika su da "a amsa da gaggawa".

Wajen turawa fara liƙa fayilolin, ka jira su gama hawa, sannan ka rubuta, adireshin shi ne na ƙarshe don kar yatsa ya riga ka. Da netwok ɗinmu yadda yake leƙa Outbox bayan ka tura, in ka ga Queued to bai tafi ba tukun. In kwana uku na aiki sunka wuce shiru, buɗe saƙon cikin Sent ka yi Forward zuwa adireshin nasu, ba Reply ba, don Reply ba ya ɗauko fayilolin, Forward shi ke tafiya da su har da ranar da ka fara turawa. A naka yanayin tunda na farkon ya lalace, sabon saƙo za ka yi yau ɗin nan, ka ambaci ranar da ka tura na farko a layin farko, ka ce wanga shi ne gyararre. Allah ya ba da sa'a.