Gyaran Lanƙwasar Hoto Kafin Auna Tsawo a Gefensa

Tambaya: Ina auna ƙananan kayan ƙarfe daga hoto, rula tana ajiye a tsakiya, amma duk abin da ya faɗo gefe sai ya fito gajere. Shin in sayi sabon gilashin kyamara ne, ko manhaja za ta wadatar?

Amsa: Kada ka yi gaggawar kashe kuɗinka. Gilashi mai ɗaukar fili da faɗi yakan rage girman abu gwargwadon nisansa daga tsakiyar hoto, shi ya sa miƙaƙƙen layin da ke gefe yake bankarewa waje kamar cikin ganga. Ana bayyana wannan da lissafin r_d = r(1 + k1·r²), inda r yake nufin ainihin nisa daga tsakiya, r_d nisan da ya bayyana a hoto, k1 kuma ma'aunin lanƙwasar gilashin ne, yana ƙasa da sifili.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne raguwar ta danganta da yadda abin ya kwanta. A ɗauka k1 = −0.05, an ƙidaya kusurwar hoto a matsayin r = 1, ƙarfenka mai milimita 100 kuma yana wajen r = 0.9. Idan ya kwanta a gicciye da layin da ya taso daga tsakiya, sikelinsa 1 + k1·r² ne, sai ka karanta kusan milimita 96. Idan kuwa bakinsa yana fuskantar tsakiya, sikelin ya koma 1 + 3·k1·r², sai ka karanta 88 kawai. Saboda haka ninka sakamako da lamba guda ba zai fitar da kai ba. Dole a miƙe hoton gaba ɗaya tukuna.

Idan gilashinka yana cikin jerin manhajojin gyaran hoto Lensfun ko Lightroom, gyaransu ya isa ga aikin da ba ya neman tsananin daidaito. In ba haka ba, buga takarda mai murabba'ai baƙaƙe da farare, ka manna ta a kan allo marar lanƙwasa, ka ɗauke ta sau goma sha biyar zuwa ashirin ta fuskoki daban-daban, tana kaiwa har kusurwoyi, sannan ka yi amfani da umarnin calibrateCamera da undistort na manhajar sarrafa hoto ta OpenCV. Kada ka taɓa zuƙowa bayan haka, domin k1 yana canzawa da ita. Ka kuma kula cewa wayoyi da yawa suna gyara hoto da kansu, kuma gyara a kan gyara yakan lotsa layuka zuwa ciki.

Gwajin ba wuya: ɗauki rula ɗaya a tsakiya da kusurwoyi huɗu, ka ƙirga fiksel. Idan duk kusurwoyin sun gaza da kimanin adadi ɗaya, da sauran lanƙwasa. Idan gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kyamarar ce ta karkace, wannan gyaran kuwa ba ya maganinsa.

Ni dai da zan fara ja da baya ne in sa ƙarfen kusa da tsakiya, domin a r = 0.3 kuskuren bai kai kashi 1.5 cikin ɗari ba. Sai wannan ya gaza maka ka nemi gilashin makro, wato na ɗaukar ƙananan abubuwa kurkusa, marar zuƙowa.